Yadda ake tantance farashin yashi idan wani ya faɗa da kubik, wani da tan, wani kuma da tifa

Duk wanda ya taɓa neman yashi don gini ya san wannan rikicin, ka tambayi mutum uku su ba ka amsa iri uku. Wannan ya ce kubik ɗaya kaza ne, wancan ya ce shi da tan yake sayarwa, na uku ya ce kai dai tifa ɗaya kaza, kuma kowanne yana rantsuwa nasa ya fi sauƙi. Na daɗe ina sayen yashi a wurin aiki, abin da na gane shi ne ba za ka taɓa sanin wanda ya fi araha ba sai ka mayar da su ukun ma'auni guda. Ma'aunin da ni nake amfani da shi shi ne: nawa tan ɗaya na BUSASSHEN yashi ya tsaya mini bayan an sauke shi a wurin aikina. Dalili kuwa, kubik yana kumbura, tan yana ɗauke da ruwa a ciki, tifa kuma sunan mota ne kawai ba awo ba. Busasshen yashin shi ne abin da zai shiga kwaɓinka, don haka shi ya kamata ka san kuɗinsa.

Kayan da za ka tanada

Ba wasu kaya ne masu wuyar samu ba. Tef na awo mai mita 5 zuwa sama, in ka samu mai tsawo sosai ya fi. Bokiti wanda ka san litarsa, mai lita 20 ya fi daɗin lissafi amma mai lita 10 ma ya yi. Sikelin rataye ko na ƙasa da zai ɗauki kilo 50. Ƙaramin sikeli mai nuna giram. Guntun rodi miƙaƙƙe kamar mita ɗaya da rabi. Tsohon kasko ko faranti na ƙarfe da wuta, don busar da yashi. Shebur, leda mai ɗauruwa, biro da takarda, sai kalkuletar wayarka.

Game da bokitin nan, kar ka yarda da abin da aka rubuta a jikinsa. Ka auna shi ba komai, ka cika shi da ruwa har baki ka sake aunawa, ka cire. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka in ruwan ya ba ka kilo 21 to bokitinka lita 21 ne ko da an rubuta 20, da 21 ɗin za ka riƙa lissafi. Bokitai da yawa sun wuce abin da aka rubuta in aka cika su taf.

Ɗan abin da ya kamata ka sani kafin ka fara

Kubik mita ɗaya, wanda ake rubutawa m³ a takarda, akwati ne mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi, mita ɗaya zurfi. Lita 1000 kenan, wato bokiti 50 mai lita 20. Tan ɗaya kilo 1000 ne. Abin da ke haɗa su biyun shi ne nauyin kubik ɗaya na yashin, kuma wannan nauyin ba tsayayye ba ne. Busasshen yashi da aka zuba sakaka yakan kai wajen tan 1.4 zuwa 1.6 a kubik. Wanda ya sha ruwa jagab yana iya kai 1.9 ko 2. Amma mai ɗan danshi, wanda in ka dunƙula a hannu yake tsayawa, shi ne ya fi kowanne rashin nauyi, yana iya sauka 1.3 ko ƙasa da haka.

Mutane da yawa ba sa yarda da wannan sai sun gani da ido, don hankali yana ba ka cewa in aka ƙara ruwa nauyi zai ƙaru. Abin da ke faruwa shi ne ɗan ruwan yana lulluɓe kowace ƙwayar yashi yana riƙe ta, ya hana ƙwayoyin zamewa su cike gurbin da ke tsakaninsu, sai yashin ya tashi kamar an hura shi. Da ruwa kashi 5 ko 6 cikin 100 kawai, yashi zai iya kumbura da kashi 20 zuwa 30, mai laushi ma ya fi haka. In aka ci gaba da zuba ruwa har ya jiƙe sharkaf sai ya koma ya kwanta kusan yadda yake a bushe. To ka ga mai sayarwa da kubik danshi yana taimakonsa ta hanyar kumburi, mai sayarwa da tan kuma ruwa yana taimakonsa ta hanyar nauyi. Ba lallai ne wani yana da niyyar cuta ba, haka yashi yake, amma kai ne za ka biya.

Mataki na 1: ka sa kowa ya faɗi abin da ke cikin farashinsa

Kafin wani awo, ka koma wurin kowannensu da tambayoyi iri ɗaya ka rubuta amsa. Wane irin yashi ne, mai kaushi na kankare da bulo ko mai laushi na filasta? In ba iri ɗaya ba ne to babu ma maganar kwatantawa. Kuɗin mota yana ciki ko daban ne? Lodi fa, da saukewa, da haraji in akwai? Sai tambayar da aka fi mantawa: a ina ake awon, wurin lodi ko wurin saukewa? Yashi yana zama a hanya saboda girgizar mota, abin da aka loda ya kai bakin bodi zai iso ya sauka kaɗan, in ba ku yi magana tun farko ba a nan rigima ke tashi.

Mai tan ka tambaye shi akwai sikelin mota da takardar awo, ko da ido ake kintata. In ya ce maka tifar tan 20 ce, ka sani sau da yawa sunan girman motar yake faɗa, ba wai an ɗora ta a sikeli an ga 20 ba. Irin wannan ka ɗauke shi a matsayin mai sayarwa da tifa, ba da tan ba.

Ka kuma duba ma'aunin da kyau in a rubuce aka ba ka. Akwai wuraren da ake amfani da kubik yadi, shi kuma kusan 0.76 ne na kubik mita, akwai masu kubik ƙafa, wanda sai an tara wajen 35.3 suke yin kubik mita ɗaya. Haka tan, akwai gajeren tan mai kilo 907 da ake amfani da shi a Amurka. In takarda ta ce ton kawai ka tambaya wanne.

Zan yi misali da mutum uku. Lambobin kuɗin nan na lissafi ne kawai, ka cire su ka sa naka a kowane irin kuɗi kake ciniki.

Na farko: 26 kowane kubik, har da kawowa, ana awo wurin lodi.
Na biyu: 15 kowane tan, akwai sikeli, kuɗin mota daban 40 kowane sawu, motar tana ɗaukar tan 16.
Na uku: 240 kowace tifa har da kawowa, ya ce tifar kubik 10 ce.

Wanda ya yi gaggawa zai ɗauko tan 1.5 a kubik ɗin nan da ake yawan faɗa ya raba, ya ce na farko tan ya kama 17.3, na biyu 15, na uku 16, shikenan na biyu ya fi araha. Riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Mataki na 2: auna nauyin kubik ɗaya na yashin kowa

Ka je inda yashin yake ko ka sa a kawo maka samfur mai yawa, kamar buhu guda. Kar ka ɗiba daga saman tsibi, sama rana ta busar da shi, kuma kar ka ɗiba daga gindi can ƙasa inda ruwa ke taruwa. Ka tona kamar kamu biyu ciki, a wuri uku daban-daban, daga nan za ka ɗiba.

Ka cika bokiti da shebur, ka share bakin da rodi ya yi daidai, ka auna, ka cire nauyin bokitin. Ka yi haka sau uku ka ɗauki tsaka-tsaki. Sai ka raba kilo da lita, abin da ya fito shi ne tan nawa ke cikin kubik ɗaya.

```
tan a kubik = kilon yashi ÷ litar bokiti
```

Ga inda mutane ke kuskure. Yadda ka cika bokitin dole ya yi kama da yadda yashin yake a lokacin da za a auna maka shi. Mutum na farko wurin lodi yake awo, yashin sakaka yake, don haka ka zuba sakaka, kar ka danna kar ka girgiza. Na uku kuwa kai ne za ka auna bodin tifarsa bayan ta iso yashin ya zauna, to shi sai ka ɗan buga gindin bokitin a ƙasa sau biyar ko shida ka ƙara cikawa. In ka danna da ƙafa ko da hannu ka ɓata awon, zai nuna maka nauyin da ba za ka samu a mota ba.

A misalinmu, na farko yashinsa mai danshi ne, bokitin lita 20 ya ba da kilo 26, wato 1.30. Na uku kusan busasshe ne, ya ba da kilo 29, wato 1.45. Na biyu ba ka buƙatar bokiti a kansa wajen lissafin farashi tunda da nauyi yake sayarwa, ruwansa kawai za ka nema.

Mataki na 3: gano ruwan da ke ciki

Wannan shi ne matakin da kusan kowa ke tsallakewa, kuma ni a ganina shi ya fi duk sauran amfani. Daga yashin da ka auna ka ɗebi giram 1000 daidai, in ba nan take za ka busar ba ka ɗaure a leda sosai don kar ya sha iska a hanya. Ka zuba a kasko ka ɗora a wuta kana juyawa, za ka ga tururi yana tashi launin yana washewa. In ya fara zuba kamar gishiri ka sauke ya huce ka auna, ka mayar wuta minti biyar ka sake aunawa. In nauyin bai sake sauka ba ya bushe kenan. Ka yi a hankali wajen juyawa kar ya riƙa zubewa, giram 20 da ta zube za ta zama ruwa kashi 2 na ƙarya a lissafinka.

In babu wuta ka baza shi siriri a faranti a rana mai zafi, zai ɗauki awanni kuma ka kare shi daga iska, amma yana yi.

Abin da ya rage ka raba da 1000. Na farko ya koma giram 950, wato 0.95. Na biyu da yake ɗanyen haƙa ne daga ruwa ya koma 880, wato 0.88. Na uku 980, wato 0.98. Ma'anar 0.88 ɗin nan, a kowane tan da za ka biya kilo 120 ruwa ne, a mota mai tan 16 kusan tan 2 kenan na ruwa zalla da zai tsiyaye a ƙasa ko ya bushe.

Mataki na 4: auna tifar

Tifa ba ta da girma ɗaya. Ko masu yawan taya iri ɗaya bodinsu ya bambanta, wani an ƙara masa katako ko ƙarfe a sama, wani an rage. Saboda haka sai ka auna wadda za ta kawo maka, ka rubuta lambarta, don kar a nuna maka babba a kawo da ƙarama.

Ka auna tsawo da faɗi daga CIKIN bodi, ba daga waje ba, kaurin ƙarfe da haƙarƙarin da ke waje suna ƙara santimita da yawa. In mota ta zo da kaya, kafin direba ya ɗaga bodi ka ce ya kashe mota ka hau. Ka sa a baje tudun da ke tsakiya da shebur gwargwadon iko, sai ka soka rodi har ya taɓa ƙarfen ƙasa a wuri shida, biyu gaba, biyu tsakiya, biyu baya, kana auna zurfin kowanne, ka haɗa ka raba da shida. Tudun tsakiya yana ruɗar ido sosai, daga ƙasa za ka hango yashi ya fito sama da bodi ka ce an cika maƙil, ka hau ka tarar kusurwoyi huɗu duk rami ne.

```
kubik = tsawo × faɗi × matsakaicin zurfi
```

Tifar mutum na uku tsawonta mita 4.5, faɗi 2.3, zurfin bodi mita 1. In an cika ta taf kubik 10.35 ce, ka ga bai yi ƙarya ba da ya ce kubik 10. Amma zurfin yashin da rodi ya nuna 0.85 ne, 4.5 sau 2.3 sau 0.85 ya ba da 8.8. Santimita 15 kacal, abin da bai kai kamu ɗaya ba, ya cinye kubik ɗaya da rabi.

Abu biyu ka lura da su. Wasu tifofin suna da wani akwati da ya shigo cikin bodi ta gaba inda jak ɗin ɗagawa yake, ka auna shi ka cire. Sannan bayan an juye ka leƙa cikin bodin, wani lokaci tsohuwar laka ta daskare a ƙasa da kusurwa, rodinka ya tsaya a kanta ko ya ratsa ta ka lissafa ta a matsayin yashi. Kar ka shiga ƙarƙashin bodin da aka ɗaga kuma kar ka tsaya a bayan mota lokacin juyewa, daga gefe can nesa za ka leƙa.

To in an riga an juye kafin ka iso fa? Akwai dabara amma kintace ce. In tsibin ya tsaya kamar dala mai tsini a ƙasa mai shimfiɗa, ka zagaya gindinsa da tef ko igiya, ka auna tsayinsa ta hanyar kafa sanda a gefe ka miƙo wata a kwance daga tsinin.

```
kubik = zagaye × zagaye × tsayi ÷ 37.7
```

Tsibi mai zagaye mita 15 da tsayi 1.5 zai ba ka kusan kubik 9. Sai dai tifa ba kasafai take zubar da tsibi mai kyau haka ba, yawanci tana ja gaba ya yi tsawo, kuma juyewa tana sake sassauta yashin. Wannan awon zai nuna maka in an rage maka kubik biyu ko uku, amma kar ka yi faɗa da mutum a kan rabin kubik da shi. In babu yadda za a yi, ka ƙirga baro: ka auna bokiti nawa ke cika baronka, ka sa a riƙa ƙirgawa lokacin kwashewa.

Mataki na 5: duba takardar sikeli

Mai tan zai ba ka takarda mai lambobi uku. GROSS shi ne mota da kaya, TARE mota ba kaya, NET shi ne yashin, shi kaɗai za ka biya. Ka cire da kanka ka ga ya yi daidai. Ka duba lambar mota a takardar ita ce ta motar da ke gabanka, ka duba kwanan wata da lokaci. Awon mota ba kaya ya kamata ya zama na ranar, don in na tuntuni ne da aka adana, duk lakar da ta manne a bodi da man da aka ƙara a tanki sun shiga cikin NET ɗinka.

Kuma ko da takarda, ka soka rodi ka yi awon bodi ko sau ɗaya ne, ka yi wa yashinsa awon bokiti, ka ninka kubik ɗin da tan a kubik da ya fito. In takarda ta ce tan 16 awonka ya ba ka 15 da wani abu, babu komai, awon hannu ba ya kai sikeli daidai. In ya ba ka 12 to akwai magana, ka nemi a sake ɗora motar a wani sikelin.

Mataki na 6: mayar da kowa tan ɗaya na busasshe

Yanzu lissafi ya zo da sauƙi.

Na farko: kubik ɗinsa tan 1.30, sau 0.95, busasshen yashi tan 1.235 kenan a kowane kubik. Ka raba 26 da 1.235, ya kama 21.1.

Na biyu: kuɗin mota 40 a raba da tan 16 ya zama 2.5 a kan kowane tan, a haɗa da 15 ya zama 17.5. Ka raba da 0.88, ya kama 19.9.

Na uku: 1.45 sau 0.98 ya ba da 1.42, sau kubik 8.8 ya ba da tan 12.5 na busasshe a tifa. Ka raba 240 da 12.5, ya kama 19.2.

Ka tuna lissafin gaggawa ya ce na biyu ne mai araha a 15. Da aka sa kuɗin mota aka cire ruwa sai ya tashi kusan 20, na uku ya wuce shi, duk da cewa tifar na ukun ba ta cika ba. Wannan ne ma abin da nake so ka lura da shi, wanda ya rage maka awo ba dole ne shi ya fi tsada ba, kuma wanda ya kawo takardar sikeli mai kyau ba dole ne shi ya fi sauƙi ba. Sai an yi lissafin.

Mataki na 7: kwatanta da abin da aikinka ke buƙata

Farashin tan ɗaya bai gama magana ba, don mota ba ta zuwa rabi. A ce injiniya ko magini ya rubuta maka kubik 24. Irin wannan lissafin yawanci na busasshen yashi ne, amma ka tambaye shi ko ya riga ya ƙara na kumburi da na ɓarna don kar ka ƙara sau biyu. Ka shanya yashi ya bushe ka cika bokiti da shi ka auna, a ce ya ba ka kilo 31 a lita 20, wato 1.55. To kubik 24 sau 1.55, tan 37.2 na busasshe kake nema.

Wurin na farko sai ka sayi 37.2 a raba da 1.235, kubik 30 da ɗan ɗoriya, kuɗi wajen 783. Da ka ce masa kawo kubik 24 kamar yadda aka rubuta, abin da zai iso tan 29.6 ne, sai aiki ya yi nisa yashi ya ƙare ka rasa tan 7 da rabi, ka fara zargin leburori ko magini alhali kumburi ne ya cinye. Na ga an ɓata tsakanin mai gini da maginin da bai ci komai ba saboda wannan, abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan.

Wurin na biyu tan 42.3 za ka saya, kuɗin yashi 634, sawu uku na mota 120 tunda sawu na uku ko bai cika ba kuɗinsa cikakke ne, jimla 754.

Wurin na uku tifa uku tan 37.5 ne, ya rufe buƙatar daidai, 720.

A nan na uku ya ci. Amma da tan 30 kake nema, tifa biyu ba za su isa ba uku kuma sun yi yawa, sai ka biya 720 ɗin dai ka zauna da ragowa, a lokacin na farko da zai kawo maka daidai abin da ka nema zai fi sauƙi a aljihu. In kana da wani aikin a gaba da wurin ajiya, ragowar ba asara ba ce.

Mataki na 8: koma teburin ciniki da lambobinka

Kar ka je da zargi, ka je da takarda. Na uku ka ce masa: maigida na auna motar jiya 8.8 ta kawo, ko dai a riƙa cikawa zuwa 10 a kan 240 ɗin, ko a bar ta yadda take na biya 211. Yawanci cikawa suke zaɓa. Amma ka kula, in yashin jiƙaƙƙe ne cika bodi taf na iya wuce nauyin da motar ta halatta ta ɗauka, kubik 10 na mai 1.9 tan 19 ne, direban da ya ƙi cikawa a irin wannan yana da gaskiya, sai ku daidaita a kuɗi. Ku sa alama da fenti ko alli a cikin bodi inda yashi zai riƙa kaiwa idan ya iso, daga nan ba sai ka riƙa soka rodi kullum ba.

Na biyu ka nemi ya loda maka daga tsibin da ya kwana biyu ya tsane, in ruwansa ya sauko daga kashi 12 zuwa 5 to 17.5 a raba da 0.95 ya koma 18.4, ya sauko ƙasa da 19.2 ɗin na uku. Amma ka ga yadda abin yake, yashin da ya tsane zuwa kashi 5 shi ne daidai wanda ya fi kumbura, don haka irinsa da tan za ka saye shi, kar ka yarda a juya maka shi zuwa kubik. Wanda ya jiƙe sharkaf kuma ya fi kyau a saye shi da kubik, tunda a kwance yake ba ka biyan kuɗin ruwan. Busasshe ƙarau ko ta wane ma'auni aka ba ka babu matsala sosai.

Abu na ƙarshe da zan ƙara, duk wannan lissafin yana aiki ne in yashin mai tsabta ne. Ka samu kwalba mai haske miƙaƙƙiya, ka zuba yashi zuwa rabi, ka ƙara ruwa da ɗan gishiri ya haura shi sosai, ka girgiza da ƙarfi ka ajiye awa uku. Yashi zai kwanta ƙasa, laka ta kwanta a samansa da launi daban. Ka auna kaurin lakar da na yashin da rula, in yashi santimita 10 ne laka ta kusa santimita ɗaya, wannan ya yi yawa ga kankare, ka cire mai shi daga lissafi ko da nasa ne ya fito mafi sauƙi. In kuma ruwan sama ya sauka tsakanin ranar da ka ɗebi samfur da ranar kawowa, ka sake awon bokiti da na kasko a motar farko da ta iso, lambobin wancan makon sun tashi aiki.